Ƙa'idar ABCDE ta gane melanoma

Ƙa'idar ABCDE hanya ce ta duba tawadar Allah ko wani baƙin tabo a jikin mutum domin a gane ko akwai alamar melanoma a tare da shi. Melanoma nau'i ne na sankarar fata da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke samar da melanin, wato sinadarin da ke ba fata launinta. Haruffan biyar farkon kalmomin Turanci ne, kowanne yana tsaye a madadin alama ɗaya: rashin daidaiton siffa, gefe, launi, faɗi da canzawa. Ƙa'idar ba ta tabbatar da cuta. Aikinta shi ne ware tabon da ya kamata likita ya gani daga sauran tabban da ba su da illa. A tsakanin baƙaƙen fata, kamar mutanen Taura da Dutse da sauran garuruwan Jigawa, melanoma ba ta da yawa kamar yadda take a tsakanin Turawa, amma idan ta zo ta fi fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, don haka nan ne ya kamata a kai ƙa'idar.

Tarihi

Likitoci uku na Jami'ar New York, Robert Friedman da Darrell Rigel da Alfred Kopf, su ne suka wallafa ƙa'idar a shekarar 1985, a lokacin da haruffa huɗu kawai, ABCD. Manufarsu ita ce a sami abin da likitan da ba ƙwararren fata ba, har ma da mutum a gida, zai iya riƙewa da ka. A shekarar 2004 aka ƙara harafin E, bayan an lura cewa canzawar tabo na daga cikin alamomi mafi ƙarfi. An gina ƙa'idar ne a kan irin melanomar da ta fi yawa a jikin fararen fata, wadda ke fara yaɗuwa a kwance a saman fatar baya ko ƙafa kafin ta nutsa ciki. Wannan asalin shi ne tushen yawancin iyakokinta.

Ma'anar haruffan

A na nufin rashin daidaito. Idan aka ƙaddara an ja layi ta tsakiyar tawadar Allah ta yau da kullum, rabi zai yi kama da ɗan'uwansa. A melanoma sau da yawa rabi ɗaya kan bambanta da ɗayan a siffa ko a kauri. B na nufin gefe: tabo mai lafiya gefensa a tsabtace yake kamar an zana, mai shakku kuwa gefensa a tsattsage, ko kuma launin yana nasowa cikin fatar da ke kewaye kamar yadda tawada ke naso a takarda mai laima. C na nufin launi, kuma abin dubawa shi ne haɗuwar launuka a tabo ɗaya, kamar baƙi da ruwan ƙasa da toka-toka, wani lokaci da ja ko fari ko shuɗi-shuɗi. Tsananin baƙi shi kaɗai ba hujja ba ne, musamman a jikin mai duhun fata.

D na nufin faɗi, kuma iyakar da aka sa ita ce milimita 6, kimanin faɗin abin goge rubutu da ke bayan fensir. Wannan ita ce alama mafi rauni. Akwai tabo masu lafiya da suka wuce haka, akwai kuma melanoma da ba ta kai ba, domin kowace babba da ƙarama ta fara.

E na nufin canzawa, kuma ita ce ta fi sauran nauyi. Tabon da ya ƙara girma, ya canza launi ko siffa, ya taso bayan da yana kwance, ya fara ƙaiƙayi ko zubar da jini ko yin ɓawo cikin makonni ko watanni, ya cancanci a duba shi ko da sauran alamomi huɗun babu. Haka nan sabon tabo a jikin wanda ya wuce shekara 40, shekarun da ba a cika samun sabuwar tawadar Allah ba. Ba a buƙatar alamomi biyar su cika. Canzawa ita kaɗai, ko biyu daga cikin sauran, ta isa dalilin zuwa asibiti.

A tafin ƙafa da farce

Rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya sun daɗe suna nuna cewa ƙafa ce wurin da aka fi samun melanoma, kuma masu ita kan zo bayan ta yi nisa. Wannan nau'in ba zafin rana ke kawo shi ba, kamar yadda wurin da yake fitowa ma ya nuna. An lura ya fi fitowa a inda nauyin jiki ke sauka, wato dunduniya da gaban tafin ƙafa. Sanannen misali shi ne mawaƙin Jamaika Bob Marley, wanda aka gano cutar a babban yatsan ƙafarsa a 1977, ya kuma mutu a 1981 yana da shekara 36.

Wahalar ita ce tafin ƙafar manomi ko makiyayi ba ya rasa tabo. Akwai kaushi da faso, akwai gurbin ƙaya, akwai jinin da ya kwanta bayan tuntuɓe. Ƙari a kan haka, baƙaƙen fata da yawa suna da ƙananan ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a tafin ƙafa tun asali. Waɗannan sukan kasance da yawa, a ƙafa biyu, a kwance, launinsu ɗaya, kuma shekara da shekaru ba sa motsi. Abin nema shi ne tabo guda da ya fita daban da 'yan'uwansa. Likitocin Faransa Grob da Bonerandi ne suka bayyana wannan hanyar kwatanta tabo da maƙwabtansa a 1998, kuma ana amfani da ita tare da ABCDE.

Lokaci ma yana rarrabewa. Jinin da ya kwanta a ƙarƙashin fata yakan dushe cikin 'yan makonni. Lalle, wanda mata ke rina tafin ƙafa da farce da shi, yakan rufe tabo ya hana a gan shi, sai dai yana gogewa, kuma a farce yana tafiya gaba yayin da farcen ke tsiro, ya bar tsabtataccen wuri a gindi. Jinin ƙarƙashin farce ma haka yake tafiya. Layin melanoma kuwa daga gindin farce yake fitowa, ba ya barin wurinsa, sai ma ƙara faɗi. Siraran layuka masu duhu a farata da yawa abu ne da aka saba gani a jikin baƙar fata. Wanda ake tsoro shi ne layi a farce ɗaya, galibi babban yatsan hannu ko na ƙafa, mai faɗin milimita 3 ko fiye, wanda launinsa ya tsallaka zuwa fatar da ke kewaye da farcen. Wannan tsallakawar ita ake kira alamar Hutchinson.

Misali

A ƙaddara wani manomi mai shekara 58 a wani ƙauyen Taura ya lura, wajen wanke ƙafa a alwala, da baƙin tabo a dunduniyarsa ta dama. Ya ɗauka gurbin ƙaya ne daga aikin damina. Bayan girbi tabon na nan. Ɗansa ya aza rula a gefe: milimita 14 a tsawo, 9 a faɗi, ya wuce iyakar D ke nan. Ɓangaren da ke kusa da gefen ƙafa baƙi ƙirin ne kuma ya ɗan taso, ɗaya ɓangaren ruwan ƙasa ne a kwance, wannan ya cika A da C. Gefen ɓangaren ruwan ƙasan ba shi da iyaka bayyananniya, B ke nan. Uban ya ce da farkon damina bai fi ƙwayar dawa ba, wato E. Rashin zafi ba ya wanke tabon, domin melanoma a farkonta yawanci ba ta ciwo, kuma wannan ne babban abin da ke sa a yi jinkiri.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne a kai wa wanzami ya yanke, ko a ƙona, ko a kankare da reza. Hakan na iya cire abin da ido ke gani ya bar saiwar, ya kuma lalata naman da za a auna. Hanyar ita ce asibitin da ke kusa, daga nan a nemi takardar turawa zuwa inda ake gwajin tsoka, kamar Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Likita zai duba tabon, ya lalubi matsematsi ko akwai kaluluwa, sannan a yanko tabon gaba ɗaya da ɗan siririn gefe, ko wani yanki mai zurfi idan ya yi faɗi, a kai ɗakin gwaji.

Abin da sakamakon zai fi dogara a kai ba faɗin da aka auna da rula ba ne, zurfi ne. Ana auna nisan da sankarar ta nutsa cikin fata da milimita, ma'aunin da Alexander Breslow ya fito da shi a 1970. Wadda ba ta wuce milimita 1 ba yawanci tiyata kaɗai kan warkar da ita, ana yanke kimanin santimita 1 na lafiyayyar fata a kewaye. Wadda ta wuce milimita 2 ana yanke santimita 2, wadda ta wuce milimita 4 kuwa haɗarin ta riga ta kai kaluluwa ko huhu ko hanta ya yi yawa.

Iyakoki

Akwai melanomar da ke tsallake ƙa'idar gaba ɗaya. Nau'in da ke tasowa kamar ƙullutu yakan zama zagayayye, launi ɗaya, gefe a tsabtace, amma yana nutsawa da sauri. Alamarsa ita ce ya taso, ya yi tauri, yana kuma girma fiye da wata guda. Wani nau'in ba shi da baƙin launi sam, sai ya zo kamar jan nama ko gyambo, a yi ta wanke shi ana ɗaurewa da sunan ciwon suga. Saboda haka a 2010 Ivan Bristow da abokan aikinsa a Birtaniya suka tsara wata ƙa'ida ta ƙafa mai suna CUBED. Tana duba launin da ya saɓa wa fata, rashin tabbacin mene ne ciwon, zubar jini ko ruwa, ƙaruwa duk da ana magani, da rashin warkewa bayan wata biyu. Idan biyu daga ciki suka haɗu, a tura mutum wurin ƙwararre.

Ƙa'idar ABCDE kuma ba ta dace da sankarar fatar da ta fi damun zabaya ba. Tasu rana ce ke kawo ta, a fuska da kunne da wuya, kuma yawanci ba melanoma ba ce. Tana zuwa ne a matsayin ɓawo mai kaushi ko miki da ya ƙi warkewa, kuma da waɗannan alamomin ake neman ta.