Zaɓen Babbar Manhaja ga Laftof: Aiki, Farashi da Makomar Tsofaffin Na'urori

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ga Windows 10. Wannan mataki ya shafi da yawa daga masu laftof ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka bayan ofisoshi sun gama cin moriyarsu. Matsayin wannan maƙala shi ne, ba farin jinin babbar manhaja ya kamata ya yanke hukunci ba. Aikin da za a yi shi ne abin dubawa na farko, sai ƙarfin na'urar, sannan kuɗi.

An sa aiki a gaba ne saboda kowace manhaja da gidan da aka gina ta dominsa. AutoCAD na masu zanen gine-gine, da CorelDRAW da Photoshop da masu ɗab'i ke dogaro da su, suna aiki a Windows da macOS, amma kamfanoninsu ba sa fitar da su don Linux. Wanda abincinsa ke cikin ɗayansu ba shi da cikakken zaɓi. Shi kuwa mai rubutu da lissafi da bincike a intanet, LibreOffice a kan Linux ta ishe shi, kuma kyauta ce. Iyakarta ita ce takardar Word mai jadawali da yawa takan ɗan hargitse idan aka buɗe ta a can, don haka kundin digiri da za a miƙa wa malami ya fi aminci a tura shi a matsayin PDF.

Mu ɗauki misalin ThinkPad T460 ta shekarar 2016, mai firosesa i5-6300U da RAM mai gigabayit 8. Lambar 6 da ke farkon 6300 tana nuna zubi na shida ne na Intel. Windows 11 kuwa, in ban da 'yan kaɗan, ba ta karɓar abin da ya gaza zubi na takwas, kuma tana neman kayan tsaro na TPM 2.0, wanda ake dubawa da rubuta `tpm.msc` a akwatin bincike. Ke nan na'urar lafiyarta ƙalau, amma ƙofar Windows 11 a rufe take gare ta. Masu gyara kan tsallake wannan shinge su ɗora ta da ƙarfi, sai dai Microsoft ba ya ba da tabbacin ci gaba da tura sabuntawa ga irin wannan na'ura.

Linux Mint 22 za ta zauna a kan wannan laftof ba tare da wahala ba. Gigabayit 2 na RAM ne mafi ƙarancin abin da take nema, kuma za a ci gaba da tallafa mata har 2029. Kafin a goge komai, ana iya ɗora ta a filas, a kunna kwamfutar daga nan, a gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da firinta. Wannan gwaji ba abin tsallakewa ba ne, domin wasu katunan Wi-Fi na Broadcom ba sa tashi sai an ƙara musu direba, kuma tsofaffin firintoci sukan yi gardama. Akwai kuma ChromeOS Flex da Google ya fitar a 2022 don tsofaffin na'urori, amma yawancin aikinta a intanet yake, wanda nauyi ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa.

A batun kuɗi, lasisin Windows 11 Home shi kaɗai dala 139 ne a shagon Microsoft, ko da yake sabuwar laftof takan zo da shi a cikin farashinta. Kwafin bogi da ake ɗorawa a kasuwa araha ne a ido, amma manhajar da ake fasa lasisi da ita sananniyar hanya ce ta shigar ƙwayar cuta, kuma araha ba ta ado. Ita macOS a na'urorin Apple kaɗai aka halatta ta. Tun 2020 kamfanin ya koma firosesa nasa na M1, kuma ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe ga masu Intel, don haka MacBook ta hannu mai Intel kwanakin tallafinta ƙidayayyu ne.

Za a iya cewa Linux na buƙatar koyo, kuma masu gyaran da suka san ta ba su da yawa. Wannan gaskiya ne, kuma hujja ce mai nauyi ga wanda ba shi da mai taimaka masa kusa. Amma wahalar koyo tana ƙarewa, kasadar shiga asusun banki da na'urar da ba a toshe ɓarakarta kuwa kullum ƙaruwa take.

Saboda haka, wanda aikinsa ya rataya ga manhajar Windows ya sayi laftof mai zubi na takwas ko sama. Wanda ke riƙe da tsohuwa, kuma buƙatarsa rubutu ce da intanet, ya gwada Linux a filas kafin ya kashe kuɗi a kan sabuwa.