Karanta Sakamakon Jarrabawar Shekara a Taron Malamai Ba Tare da Ɗora Laifi kan Malami Ɗaya ba: Nazarin Jawabin Shugaban Makaranta

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci jawabin da shugaban makarantar sakandare kan yi wa malamai idan sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO ya fito. Ta yi amfani da ƙa'idojin ƙididdiga da wani misali na azuzuwa biyu wajen nuna cewa kason cin jarrabawa na aji ɗaya a shekara ɗaya ba ya isa hujjar auna ƙwazon malami. An gano dalilai uku: ƙarancin ɗaliban aji, bambancin matakin da ɗalibai suka shigo da shi, da komawar sakamako zuwa matsakaici. Daga nan maƙalar ta kawo tsarin da ya dace jawabin ya bi, da kuma iyakar wannan tsari.

1.0 Gabatarwa

A makarantun sakandare na Nijeriya, ma'aunin da iyaye da hukumomin ilimi suka fi dubawa shi ne yawan ɗaliban da suka sami kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, domin shi ne sharaɗin shiga jami'a. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda aka kafa a 1999, suna ba da sakamako daga A1 zuwa F9, kuma C6 ne ƙarshen kiredit. Da zarar sakamako ya iso, jami'in jarrabawa na makaranta kan tsara jadawali: darasi, aji, yawan waɗanda suka zauna, yawan waɗanda suka ci, da kaso cikin ɗari. Sau da yawa akan maƙala sunan malami a gefen kowane layi, kuma wannan sunan ne ke mayar da taron nazari zaman tuhuma.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me wannan jadawali yake iya tabbatarwa game da malami guda, kuma yaya ya kamata shugaba ya gabatar da shi?

2.0 Ra'in Bincike

An ɗora nazarin kan ra'in W. Edwards Deming, wanda ya bi sawun Walter Shewhart wajen raba sauye-sauyen sakamako gida biyu. Akwai sauyin da tsarin aiki da kansa ke haifarwa kullum, akwai kuma wanda wani dalili na musamman ya jawo. A ganin Deming, shugaban da ya hukunta ma'aikaci kan sauyi irin na farko ya ƙara dagula aiki ne, domin ma'aikacin ba shi da iko a kansa. A fagen ilimi, Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta bayyana a sanarwarta ta 2014 cewa yawancin binciken da aka yi ya nuna malamai ne ke da alhakin kashi 1 zuwa 14 cikin ɗari na bambancin makin ɗalibai, kuma mafi yawan damar gyara tana cikin tsarin makaranta ne.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Nazarin na ƙa'ida ne. An gina misali na azuzuwan Lissafi biyu a aji uku na babbar sakandare, kowanne da ɗalibai 40. An tsara alƙaluman ne domin bayani, ba na wata makaranta ba ne. An karanta su sau uku, kowane karo da tambaya daban.

4.0 Nazarin Misali

4.1 Ƙarancin ɗalibai

A ajin farko ɗalibai 24 suka sami kiredit, wato kashi 60 cikin ɗari. A na biyu 18 suka samu, wato kashi 45. Tazarar maki 15 tana da girma a ido, amma ɗalibai shida ne kawai, tunda a aji mai mutum 40 kowane ɗalibi yana ɗauke da kashi biyu da rabi.

Ƙididdiga tana da hanyar auna yadda irin wannan kaso ke kai-komo ko da babu abin da ya sauya a koyarwa:

```
√(p × (1 − p) ÷ n) = √(0.5 × 0.5 ÷ 40) ≈ 0.08
```

Ma'anar wannan ita ce, ajin da ainihin ƙarfinsa kashi 50 ne zai iya samun 42 a bana, baɗi ya sami 58, malami ɗaya, littafi ɗaya. Idan kuwa azuzuwa biyu ake gwamawa, kai-komon yakan kai maki 11, kuma ƙa'idar da masana suka saba bi ita ce sai tazara ta ninka wannan kafin a ɗauke ta da muhimmanci. Maki 15 bai kai 22 ba. Ƙari a kan haka, tsakanin D7 da C6 tazara ce ƙarama. Yaro huɗu da zazzaɓi ya kama a makon jarrabawa, ko waɗanda hukuma ta riƙe sakamakonsu, sun isa su juya lissafin aji.

4.2 Matakin da ɗalibai suka shigo da shi

Karatu na biyu ya raba ɗaliban bisa makin Lissafin da suka fito da shi daga ƙaramar sakandare.

Jadawali na 1: Kiredit a Lissafi bisa matakin shigowa

| Rukuni | Ajin farko | Aji na biyu |
|---|---|---|
| Masu ƙarfi tun farko | 21 cikin 30 (70%) | 8 cikin 10 (80%) |
| Masu rauni tun farko | 3 cikin 10 (30%) | 10 cikin 30 (33%) |
| Jimilla | 24 cikin 40 (60%) | 18 cikin 40 (45%) |

A kowane rukuni aji na biyu ne a gaba, amma a jimilla shi ne a baya. Dalili kuwa shi ne an tara masa masu rauni 30, ɗayan kuma 10 kacal. Masana ƙididdiga sun san wannan yanayi da sunan Edward Simpson, wanda ya yi bayaninsa a 1951. Ba baƙon abu ba ne a makarantunmu, inda akan zaɓi masu makin sama a tura su ajin kimiyya. Sai dai a lura, jadawalin bai tabbatar da cewa malamin aji na biyu ya fi ƙwazo ba, domin rukunin mutum goma ya yi ƙanƙanta da a yanke hukunci a kansa. Abin da ya tabbatar shi ne jimillar ta fi ba da labarin yadda makaranta ta raba ɗalibai fiye da yadda aka koyar da su.

4.3 Komawa zuwa matsakaici

Francis Galton ya nuna a 1886 cewa sakamakon da ya wuce ƙima, sama ko ƙasa, yakan matso kusa da matsakaici a karo na gaba. Wannan yana yaudarar shugabanni. A ce an tsawata wa malamin aji na biyu a gaban jama'a, shekara ta zagayo ajinsa ya sami kashi 52. Shugaba zai ɗauka tsawar ce ta yi aiki, alhali ana sa ran wannan hawan ko da ba a ce masa uffan ba. Wanda aka yaba wa kuma idan ya sauko daga 60 zuwa 53, sai a ce yabo ya sa shi sakaci. Daniel Kahneman ya lura da irin wannan kuskure wajen masu horar da matuƙa jiragen yaƙi a Isra'ila. Ta haka al'adar tsawa ke samun gindin zama bisa hujjar ƙarya.

5.0 Tsarin Jawabin

Abin da ya gabata yana nuna cewa jerin da shugaba ya bi wajen gabatar da alƙaluma ya fi daɗin bakinsa tasiri. Matakin farko shi ne a cire sunayen malamai daga jadawalin da za a raba, a rubuta adadin ɗalibai a gefen kowane kaso. Shugaba zai iya buɗewa da kalamai irin waɗannan: “’Yan’uwana malamai, yaran nan shekara uku suka yi a hannunmu, mu duka. Yau ba wanda za a kira sunansa. Mu duba inda suka yi tuntuɓe, mu ga me za mu gyara kafin zango na biyu.”

Mataki na biyu shi ne a nuna sakamakon shekara uku zuwa biyar a jere, a kuma faɗi abin da ya bambanta ɗaliban bana: yawansu, makin shigowarsu, makonnin da aka yi babu malamin darasin, da waɗanda suka zauna jarrabawar. Wannan na ƙarshe yana da nauyi a wurare irin su Jihar Kano, inda jarrabawar tantancewa ta aji biyu ke da hannu wajen fayyace waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe. Idan masu zama suka sauya, kaso zai sauya.

Mataki na uku shi ne a sauko daga darasi zuwa batu. Takardar sakamako ba ta nuna tambayar da yaro ya faɗi, amma takardun jarrabawar gwaji suna hannun makaranta, kuma WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba jarrabawa, wanda ke bayyana raunin ɗalibai a kowane darasi. Idan aka ga azuzuwan biyu duka sun gaza a tambayoyin lissafi da ake bayarwa cikin jimlolin Turanci, matsalar ta fahimtar karatu ce, kuma malaman Turanci da na ƙananan azuzuwa suna da rabo a gyaranta. A nan ne taro zai tashi da aiki takamaimai: wane batu za a maimaita, a wane mako, wa zai jagoranta.

Illar barin wannan tsari a bayyane take. Donald Campbell ya yi gargaɗin cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa nauyin hukunci yakan gurɓace. Malamin da ya san za a kunyata shi kan kaso zai guji ajin masu rauni, ko ya tattara ƙarfinsa kan 'yan bakin C6 ya bar sauran, ko ya kau da kai daga satar amsa. A birnin Atlanta na Amurka, a 2015 kotu ta sami malamai da jami'an ilimi 11 da laifi a badaƙalar sauya amsoshin ɗalibai, wadda bincike ya danganta da matsin lambar cika ma'auni.

6.0 Iyakar Tsarin

Wani zai ce ruwa ba ya tsami banza, kuma akwai malamin da da gaske yake sakaci. Haka ne. Alamarsa ita ce sakamakon da ya ci gaba da zama ƙasa shekaru a jere, da ɗalibai masu matakin shigowa irin na sauran azuzuwa, sannan wasu shaidu suka mara masa baya: rajistar shiga aji, kundin shirin darasi, littattafan ɗalibai da ba a duba ba, da abin da shugaban sashe ya gani a aji. Wurin wannan magana ofis ne, tsakanin shugaba da malamin. Haka kuma tsarin yana buƙatar makaranta ta adana makin shigowar ɗalibai. Inda babu shi, karatu na biyu ba zai yiwu ba.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa tazarar maki 15 tsakanin azuzuwa biyu masu ɗalibai 40 ba ta wuce abin da kai-komon alƙaluma da rabon ɗalibai za su iya haifarwa ba. Saboda haka ana ba da shawarar jadawalin taron malamai ya ƙunshi adadin ɗalibai, matakin shigowarsu da sakamakon shekaru da dama, ya kuma bar sunayen malamai. Bincike na gaba zai iya gwada wannan tsari da ainihin alƙaluman makarantun gwamnati, inda aji kan zarce mutum 40 kuma malamai kan sauya a tsakiyar zango.