Ninkin Kuɗin da Ake Kashewa: Lissafi daga Kademi

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a rubuce-rubucen raya karkara: wai tunda talaka yakan kashe kobo tamanin cikin kowace naira da ta shigo hannunsa, naira miliyan 10 da gwamnati ta zuba a ƙauye za ta haifi miliyan 50. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce 1/(1 − c) da aka gada daga Kahn (1931) da Keynes (1936). A ganina an ɗauko rabin lissafin ne, an bar rabin da ya fi shafar gari irin Kademi ta ƙaramar hukumar Gaya.

A ce Y ce jimillar kuɗin shiga, c kason da ake kashewa, t kason haraji, m kuma kason da ke tafiya ga kayan waje:

```
Y = C + I + G + X − M
C = a + c(1 − t)Y,   M = mY
Y[1 − c(1 − t) + m] = a + I + G + X
k = 1 / [1 − c(1 − t) + m]
```

Gardamar duka a kan m take. Ga Najeriya, waje shi ne ƙetaren iyaka. Ga Kademi kuwa, atamfar Kantin Kwari da sukarin kasuwar Singa da man babur duk kayan waje ne, domin ribar mai shago kaɗai ke kwana a gari.

Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, c = 0.8, t = 0.1, m = 0.52. An biya leburorin gari miliyan 10. Haraji ya ɗauke miliyan 1, suka kashe miliyan 7.2 cikin 9 da ta rage. Daga nan miliyan 5.2 ta bi motar Kano. Abin da ya shiga aljihun mai gero da mahauci da tela miliyan 2 ce, zagaye na gaba kuma dubu 400. A tara duka, miliyan 12.5 za a samu, wato k = 1.25. Da m ta tsaya a 0.12, da k ta kai 2.5.

Za a ce ai kuɗin da ya tafi Kano yana dawowa, tunda birni na sayen gero da gyaɗa da dabbobin ƙasar Gaya. Gaskiya ne, kuma lissafin bai kama wannan ba, domin ya ɗauki X a matsayin abin da ba ya motsi. Sai dai abin da ɗan kasuwar Kwari ya karɓa yakan wuce ga masaƙar China ko bankinsa. Ɗan abin da zai koma ƙauye kuwa ɗaruruwan garuruwa ne za su raba. Wannan suka ta fi ƙarfi idan jihar Kano gaba ɗaya ake aunawa.

Don haka iƙirarina bai wuce gari guda ba, shi ma sai in akwai hannaye da kaya a ajiye. Idan kuɗin ya zo cikin damina, rumbu ya yi ƙasa kuma kowa na gona, farashin tiya ne zai tashi. Wanda ya yi wa Kademi alkawarin ninki biyar, a fara tambayarsa nawa ya sa m.