Ankon gida guda a kan teburi guda ake yanka shi

Yaran da ke buɗe shagunan ɗinki yanzu sun ɗauka anko shi ne kowa ya sayi atamfa iri ɗaya ya kai wa telansa. Shi ya sa in aka ɗauki hoton dangi sai ka ga furen rigar uwa na kallon sama, na 'yarta na kallon ƙasa.

Mu da muka koyi sana'ar a Sabon Garin Kano mun gaji tsarin ashobi ne daga Yarabawa. Maigidana, wani dattijo ɗan Ogbomosho, ba ya ɗora almakashi sai yadin gida duka ya hallara a teburinsa. Zai sa mu fitar da turamen rana, mu jera su gefe da gefe, domin zane ɗaya daga masaƙa ɗaya kan bambanta in ba rini ɗaya ba ne. Zamanin hoto mai baƙi da fari wannan bambanci ba ya tona asiri, amma da hoto mai kala ya yawaita, hasken kyamara ya daina rufa wa kowa. Lokacin kuwa masaƙun Kaduna na aiki, kana iya samun dila guda a Kantin Kwari. Tun da masaƙar UNTL ta rufe a 2007, kaya sai daga nan da can.

Ban manta wani gida da suka kawo turmi goma sha biyu ba, kowanne yadi shida. Tara rininsu ɗaya, uku shuɗinsu ya ɗan kwanta. Maigidana bai mayar ba, sai ya aika a tambayo yadda za a tsaya a hoton. Mata shida da za su zauna a gaba, kowacce ya ba ta turmi daga taran, tunda daga ɗankwali har zani za a gani. Sauran ukun masu kyau suka tafi a rigunan maza da kayan yaran da za su zauna a tabarma. Da masu raunin launin ya yanka wandunan mazan da za su tsaya a baya, inda kujeru da kafaɗun mata suka tare su. Kowane yanki sai da ya sa masa alamar alli, don fure ya fuskanci sama ya kuma zauna a tsakiyar ƙirji, har a rigar jariri, ko da hakan zai ci rabin yadi.

Ya kuma hana kowa wanki kafin biki, domin wankakkiyar atamfa ta rasa ƙyallinta, a hoto sai ta yi duhu kusa da sabuwa.

Yau ana raba anko a leda a aika wa kowa garinsu, telolin ma ba su san juna ba. Mai shirin biki, in kana son hoton da za a rataye a falo, ka sayi yadin a rana ɗaya, da rarar turmi guda, ka damƙa wa tela ɗaya.