Zama ne ke kawo basir, ko dai ƙara shi yake?

Direbobin da ke jigila tsakanin Agyaragu da Lafia ko Makurdi, da teloli da ma'aikatan ofis, sukan ɗora wa kujera laifin basir. Ni dai a ganina, zaman tsananta shi yake. Asalinsa kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, kuma yunƙurin taurin bayan gida ya fi jawo shi.

Ɗauki direban da ke ƙin shan ruwa don kada ya tsaya fitsari, yana kuma danne bayan gida har sai ya sauke fasinja. Hanji ya tsotse ruwan, kashi ya bushe, sai nishi, sai jan jini.

Ka riƙa miƙewa duk bayan awa 1, ka sha ruwa, ka ci wake, zogale da lemo. Amma fa baƙin kashi ko jini tare da rama, wannan maza a je asibiti, kada a ce basir ne.