Tsarin Tara Ruwan Sama Daga Rufin Ɗaki

Tsarin tara ruwan sama hikima ce ta kama ruwan da ya sauka bisa rufin kwano, a bi da shi ta indararo har cikin tanki. Ƙa'idar lissafinsa ita ce, milimita 1 na ruwa bisa murabba'in mita 1 yana ba da lita 1. Saboda haka rufi mai murabba'in mita 50, idan aka yi ruwan milimita 20, zai zubo lita 1,000, illa abin da ya fantsama. Wajibi ne faɗin indararo ya dace da mamakon ruwa, ya ɗan karkata wajen tanki, domin matsattse ambaliya yake yi. Amma ruwan farko, wanda ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, ana karkatar da shi cikin wani bututu mai ƙwallo a ciki. In ya cika, ƙwallon ya toshe bakinsa, tsarkakakken ruwa ya wuce. Tankin kuwa a rufe shi ruf, saboda sauro da gansakuka.