Fatalwa da Toshewa a Kibod: Nazari kan Iyakar Danna Maɓallai da Yawa Lokaci Guda

Tsakure

Maƙalar ta nazarci abin da ke sa kibod ya ƙi karɓar wasu maɓallai idan an danne su tare. Ta nuna cewa iyakoki biyu ne ake yawan cakuɗawa: ta ragar wayoyin cikin kibod, da ta saƙon da USB ke ɗauka. Ta farko ce ke fara kama mai aiki.

Raga da yadda ake karanta ta

Kibod mai maɓallai 104 ba ya ba kowane maɓalli wayarsa. Ana shimfiɗa layukan tsaye da na kwance kamar saƙar tabarma, kowane maɓalli yana zaune a mahaɗa guda. Layuka 16 a tsaye da 8 a kwance suna ba da mahaɗa 128 da wayoyi 24 kacal. Guntun da ke sarrafa kibod yana saka wuta a layin tsaye ɗaya, ya duba layin kwancen da ta ɓullo, sannan ya wuce na gaba.

Inda fatalwa ke fitowa

A ɗauki layukan tsaye T1 da T2, da na kwance K1 da K2. Mu ce A yana mahaɗar T1 da K1, B yana T2 da K1, C yana T2 da K2, D kuma yana T1 da K2. An danne A da B da C, ba a taɓa D ba. Da wuta ta shiga T1, sai ta bi ta A zuwa K1. Har nan lafiya lau. Sai dai maɓalli ba ya tantance inda wuta ta dosa, don haka daga K1 sai ta koma da baya ta B zuwa T2, ta sauka ta C zuwa K2. Guntun ya saka wuta a T1, ya same ta a K2, dole ya ɗauka an danna D. Wannan shi ne maɓallin fatalwa.

Abin lura a nan, ko waɗanne uku aka danna cikin huɗun, ko ma dukkansu, abu ɗaya guntun zai gani. Bayanin ya riga ya ɓace tun a waya, babu manhajar da za ta dawo da shi. Shi ya sa masu ƙera kibod suka zaɓi toshewa: da zarar maɓalli na uku zai haifar da fatalwa, sai a yi watsi da shi. Irin wannan kibod ake yi wa lakabin 2KRO, wato maɓallai biyu ne kawai tabbas, ko da wasu haɗe-haɗen na biyar suna shiga. Model M na kamfanin IBM, duk da shahararsa, a wannan rukuni yake.

Maganin na asali shi ne dayod a kowane maɓalli, galibi 1N4148, wadda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya tak. A misalinmu, dayod ɗin B za ta hana komawar bayan. Kibod masu ledar lantarki a ciki ba su da wurin liƙa ta cikin sauƙi, sai a sake jera ragar don maɓallan da ake yawan haɗawa, irin su Shift da Ctrl, su kauce wa juna.

Iyakar USB

A tsarin da kwamfuta ke amfani da shi tun kafin babbar manhaja ta tashi, saƙon kibod bayit 8 ne: ɗaya na maɓallai takwas irin su Shift da Alt, ɗaya a ajiye, shida na sauran maɓallai. Ga Shift na hagu da A da S, sannan ga saƙon da ake aikawa idan an wuce shida:

```
02 00 04 16 00 00 00 00
02 00 01 01 01 01 01 01
```

Daga nan 6KRO ta samo asali. Kibod mai NKRO yana ba kowane maɓalli bit nasa a saƙo mai tsawo.

Tantancewa

A Linux, umarnin `evtest` yana nuna kowane dannawa da saki. Idan kullum a maɓalli na bakwai ake tsayawa, ko da waɗanne aka haɗa ban da irin su Shift da Alt, USB ne. Idan kuwa na uku ne ke ɓacewa a wasu haɗe-haɗe kaɗai, raga ce, kuma canza direba ba zai amfana komai ba.

Wannan ya fi shafar masu shigar da rubutun makafi ta maɓallan F, D, S, J, K da L, inda kowanne ke wakiltar ɗigo guda cikin shida. Shidan sun yi daidai da gurbin USB, amma idan raga ta toshe ɗaya, wani harafi daban zai fito ba tare da wani gargaɗi ba. A ganina, bai kamata a saya wa makarantar makafi kibod ba sai an danne waɗannan shidan tare an ga duk sun shiga.